Darasin zaɓe ta hanyar wasan kwaikwayo: yadda muke shirya shi da yadda muke bita

(Jawabin da sashen ilimin manya ya gabatar wa malaman sa-kai a rumfar taro. Mun buga shi a nan saboda waɗanda ba su samu halarta ba.)

 

Yau za mu yi magana a kan darasin zaɓe da muke so kowane aji ya gudanar. Mun gwada shi sau uku, na farko ya ɓaci, na biyu da dama-dama, na uku ne ya fito yadda muke so. Na ukun za mu ba ku labarinsa daki-daki, amma za mu faɗa muku inda muka yi tuntuɓe a na farko don kada ku taka wurin.

Akwai maganar da za ku fara da ita kafin ku taɓa ko takarda ɗaya. Ku gaya wa mutane ƙarara cewa wannan wasa ne na koyo. Ba rajista ba ce, ba ƙidaya ba ce, ba ta da alaƙa da rabon abinci, ba kuma shirin mayar da kowa gida ba ne. Komawa gida ra'ayin mutum ne. Ku kuma gaya musu gaskiyar doka: wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen Nijar, zaɓen Najeriya kuma ba a kawo akwatinsa nan. A zaɓen 2023 mutum yana zaɓe ne da kansa, a rumfar da ya yi rajista, da katinsa a hannu. Wanda yake tunanin tsallakawa don wata harka ta kati, ya fara zuwa teburin kariya ya ji abin da tafiyar ke nufi ga tsaronsa da takardunsa.

Wani zai ce to mene ne amfanin darasin? Tun 2019 mutanenmu suka fara shigowa wannan yanki na Maradi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Yaron da ya iso yana ɗan shekara goma sha biyu yanzu ya kai shekarun zaɓe, bai taɓa ganin rumfar zaɓe ba. Da yawa cikin iyayenmu mata sun taɓa dangwalawa, amma wani ne ya nuna musu inda za su sa yatsa. Ranar da Allah ya mayar da mu, za mu tarar da masu neman ƙuri'armu suna jira, kuma sun fi mu sanin hanyar rumfar.

Kayan aiki ba su da yawa. Kwali ɗaya babba shi ne akwati. Zane biyu da sanduna su ne wurin sirri inda ake dangwalawa. Tabarma uku ko tebura uku na ma'aikata. Tawadar hatimi, alƙalami mai kauri na shafa wa farce, allo da alli. Takardun ƙuri'a ku zana su da hannu, kowace da gida uku, a kowane gida alamar jam'iyya ɗaya, domin a Najeriya alamar jam'iyya da harufan sunanta ne a kan takarda, ba hoton ɗan takara ba. A rumfar gaske ranar 25 ga Fabrairu 2023 takarda uku aka ba kowa, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai, kowace da akwatinta, kuma ta shugaban ƙasa jam'iyyu 18 ne a kanta. Mu takarda ɗaya da jam'iyyu uku sun ishe mu. Sauran sai a faɗa da baki a ƙarshe.

Jam'iyyun kuwa na ƙirƙira ne. Mu mun yi amfani da Tulu da Faifai da Tsani. Kada ku kuskura ku zana tsintsiya ko lema ko kwandon kayan marmari, nan take aji zai rabu gida-gida, darasi ya koma gardamar siyasa. Mu da farko mun sa fartanya muna ganin ai ba ta kowa ba ce, sai wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Ku yara ne, wannan ai alamar jam'iyyar Sardauna ce." Muka goge. Ku nuna wa tsofaffi alamominku kafin ranar.

Katin zaɓe ma na wasa ne, ɗan kwali da lamba da sunan ƙarya. Kada a taɓa katin abinci ko takardar shaidar gudun hijira ta kowa, kada kuma sunan gaskiya ya shiga rajistar wasa. In an gama, a yayyaga rajistar da ƙuri'un a gaban kowa.

Sai na'urar tantancewa, wadda ake kira BVAS. A rumfar gaske ita ke duba ko mai riƙe da kati shi ne mai katin, ta hanyar zanen yatsa ko fuska, ita kuma ke riƙe adadin mutanen da aka tantance. Mu ba mu da ita, sai muka yi dabara. Duk wanda muka ba kati mai lamba, mun rubuta masa wannan lambar a tafin hannu da biro. Ma'aikacin da ke riƙe da guntun kwali a matsayin na'ura zai duba kati, ya duba tafi. In sun yi daidai ya ce "ta karɓa", ya ja layi ɗaya a bayan kwalin. In sun saɓa ya ce "ta ƙi". Layukan nan ku lura da su, don a kansu lissafin ƙarshe zai tsaya.

A wasanmu na uku mutum 40 suka zo. Huɗu suka zama ma'aikatan zaɓe: mai duba kati a bakin layi, mai na'ura, mai rajista wanda ke yin alama a suna ya shafa tawada a farce, sai shugaban rumfa wanda ke buga hatimi a bayan takarda ya sa hannu ya miƙa. Uku suka zama wakilan jam'iyyu, biyu masu sa ido, ɗaya ɗan sanda. Saura 30 suka shiga layi. Shugaban rumfa mace muka zaɓa, da gangan, domin mutane su ga ana iya karɓar takarda daga hannun mace, ita ce kuma mai yanke hukunci a wurin.

Ɗan sandan ƙyalle kawai muka ɗaura masa a dantse. Ba sanda, ba kaki, ba abin da ya yi kama da bindiga. A nan ne muka ɓata a karon farko. Mun shirya samari uku su faɗo da ihu su sace akwati, muna ganin ai abu ne da ke faruwa a zaɓe, ya kamata a nuna. Da suka yi ihun, wata baiwar Allah ta suri ɗanta ta fita da gudu ba takalmi, yara suka ɓarke da kuka, wani dattijo ya zauna a ƙasa jikinsa na rawa. Mun manta da irin ihun da ya fito da mutane daga garuruwansu. Sati biyu mata ba su dawo aji ba, kuma laifinmu ne. Saboda haka ba ihu, ba gudu, ba kwaikwayon ɗan daba. In maganar rikicin zaɓe ta taso, a yi ta da baki, a zaune.

Abin da ke sa wasan ya koyar shi ne matsalolin da muke dasawa a ɓoye. In kowa ya bi layi lami lafiya ya dangwala ya tafi, an ga tsari amma ba abin tattaunawa. Don haka kafin a fara mun ja mutum bakwai gefe, ɗaya bayan ɗaya, mun raɗa wa kowa aikinsa a kunne, tunda ba kowa ke karatu ba. Ɗaya za ta ce katinta ya ƙone tare da ɗakinta, amma sunanta na cikin rajista. Ɗaya yana da kati, amma na wata rumfa ne. Ɗaya mai juna biyu ce, za ta nemi a shigar da ita gaba. Ɗaya zai rufe ido ya zama makaho, 'yarsa na ja masa gora. Ɗaya zai ɓata takardarsa bisa kuskure kafin ya jefa. Ɗaya, mai lamba 16, mun ba shi kati na biyu mai lamba 17, muka ce na matarsa ne tana gida, in ya gama nasa ya dawo ya yi mata. Na bakwai shi ne wakilin Tulu: mun cika masa aljihu da guntayen takarda da aka rubuta wa naira dubu biyu, muka ce ya bi layi a hankali yana saye, ya kuma ce wa duk wanda ya karɓa ya ɗaga masa takardar ya gani kafin ya jefa. Ma'aikatan zaɓe ba su san ko ɗaya cikin wannan ba. Mun dai koya musu ƙa'idar teburinsu.

Ku riƙe lissafin. Rajista suna 30 ne, har da matar da ke gida. Takardun ƙuri'a 30 muka ƙirga a gaban wakilai, aka nuna akwati wayam, aka rufe. A layi akwai 29 masu suna a rajista, da mutum ɗaya na wata rumfa.

Da aka fara, mu malamai muka koma gefe muka kama bakinmu. Wannan shi ne mafi wuya. Za ka ga ana kuskure a gabanka, harshenka na ƙaiƙayi, amma in ka gyara a lokacin ka cinye darasin. Ka rubuta a takardarka ka yi shiru. Abu ɗaya ne zai sa ka tsayar da wasa, in ka ga ran wani ya ɓaci da gaske.

An mayar da na wata rumfa tun a bakin layi. An shigar da mai ciki gaba, duk da wasu sun yi gunaguni. Wanda ya ɓata takardarsa ya mayar wa shugabar rumfa, ta rubuta mata alamar sokewa ta ajiye gefe ta ba shi wata, wanda shi ne daidai. Mai katin da ya ƙone ta yi roƙo har mutanen layi suka sa baki, amma aka ce ba kati ba zaɓe, ta koma ta zauna. A daidai lokacin da hankalin kowa ke kanta ne mai lamba 16 ya dawo. Mai na'ura ya duba kati 17, ya duba tafi 16, ya ce "ta ƙi". Mutumin bai yi musu ba, sai ya zagaya ta bayan mai rajista ya tsaya gaban shugabar rumfa yana ɗaga kati. Ita kuma kanta ya ɗau zafi, ta buga hatimi ta miƙa masa.

Jefa ƙuri'a ya ci minti 40. Aka zazzage akwati a tabarma, aka ware, aka ƙirga da ƙarfi kowa na amsawa. Tulu 11, Faifai 10, Tsani 5, lalatattu 3. Mutanen Tulu suka fara guɗa. Muka bar su suka yi ta, sannan muka ce wa shugabar rumfa ta cika allon sakamako. A rumfar gaske takardar sakamakon ita ce EC8A, wakilai na sa hannu a ba kowa kwafinsa. Mu a allo muka ja gidaje: waɗanda aka tantance, ƙuri'un cikin akwati, wadda aka soke, waɗanda suka rage. Ta tambayi mai na'ura, ya ƙirga layukansa, 28. Ta haɗa na tabarma, 29. Ta sake haɗawa, 29. Wurin ya yi tsit.

A nan muka tsayar da wasa. Kada ku bari a warware a tsaye, cikin hayaniya. Duka darasin awa biyu ne, kuma minti 40 na ƙarshe na bita ne. Ko lokaci ya ƙure muku, ku rage layi, kada ku rage bita. A karo na biyu mun bar mata minti goma kacal, mutane suka watse da abin da suka zo da shi: masu cewa zaɓe duk maguɗi ne suka ce ga shi kun gani da idonku.

Bita tana da tsari, kuma jerin matakan ba a juya shi. Farkon abu shi ne tuɓe rigar wasa. Kowa ya ajiye katinsa da bajonsa a cikin ƙwarya ɗaya, a goge lambar tafi, a tashi daga wuraren ma'aikata, a zauna a da'ira. Sannan mu da bakinmu mu ce, "Wane ba mai sayen ƙuri'a ba ne, mu muka sa shi. Wane bai yi maguɗi ba, aikin da muka ba shi ya yi." A tafa musu. Kada ku ɗauki wannan wasa. Muna zaune ne ɗaki na jikin ɗaki, in ba a wanke mutum a gaban jama'a ba, gobe a bakin famfo yara za su riƙa kiransa ɓarawon akwati, sunan kuma ya bi shi. Daga nan har ƙarshen zama ba a kiran sunan kowa, sai dai a ce "wakilin Tulu" ko "mai lamba 16".

Na biyu, tambayar me ya faru. Abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji kawai, ba hukunci. Masu sa ido ke farawa, tunda aikinsu ke nan. Ɗaya ta ce, "Ma'aikatan nan duk bakinsu ɗaya da Tulu." Muka ce mata, "Yaya, me kika gani da idonki?" Ta yi shiru, can ta ce ta ga wani mutum ya shiga wurin sirri sau biyu. Wannan muka rubuta a allo. Bambanci tsakanin "an yi maguɗi" da "na ga mutum mai tawada a farce ya karɓi takarda ta biyu" shi ne rabin darasin. Na farko ba mai iya bincikarsa, sai dai ya tayar da faɗa. Na biyu ana iya kai shi gaban shugaban rumfa nan take.

Sai bayan an jera abubuwan da suka faru muke tambayar yadda mutane suka ji. In ka fara da wannan, fushin wanda ya fi kowa murya shi zai cika wurin. In ka tsallake shi kuma, yana nan a ƙirji yana hana sauraro. Mun fara da waɗanda aka mayar. Mai katin da ya ƙone ta ce, "Malam, ni ba wasa na yi ba. Nawa ya ƙone da gaske." Mu ba mu sani ba lokacin da muka ba ta aikin. Muka tambayi da'irar su wa suka rasa nasu, hannuwa suka tashi fiye da rabi. Ba mu tambayi kowa yadda ya rasa ba, ku ma kada ku tambaya. Abin da muka faɗa shi ne ƙa'ida: wanda katinsa ya ɓata ko ya ƙone ba ya sake sabuwar rajista, don yin rajista sau biyu laifi ne. Zuwa zai yi ofishin INEC ya nemi a sake masa kati. Wanda ya koma wani gari ba nasa ba kuma, sauya masa rumfa zai nema. Duka biyu ana yin su ne tun da sauran lokaci, domin ana rufe rajista watanni kafin zaɓe. Tun daga ranar, kafin mu raɗa wa mutum aiki sai mun tambaye shi ko yana so, ko a ba shi wani.

Wanda ya zama makaho ya ce abin da ya dame shi shi ne wakilin Faifai ya riƙo hannunsa yana cewa zai taimaka, shi kuma ya ji kunyar ƙi. 'Yar ce ta hana. Ta yi daidai: dokar zaɓe ta 2022 ta ba mai lalurar gani damar shiga da wanda shi ya zaɓa, ƙa'idojin INEC kuma suka ce ban da wakilin jam'iyya.

Mataki na huɗu shi ne me ya jawo, kuma nan muka koma ga allo. Muka bar su su yi lissafin da kansu. Takardu 30 aka fara da su. Ɗaya an soke. In 28 suka jefa, nawa ya kamata ta rage a hannun shugabar rumfa? Wani yaro ya ce ɗaya. Aka duba teburinta, babu ko ɗaya. Ke nan takardar da ta fita ba ta bi ta na'ura ba. Muka tambaya, ƙofa nawa mai lamba 16 ya wuce? Suka ƙirga: mai na'ura ya ƙi shi amma bai ɗaga murya ba, mai rajista bai ga wucewarsa ba, shugabar rumfa ba ta dubi farcensa ba, ga tawada raɗau a kai. Wakilai biyu na tsaye, suna kallon rigimar kati. Mutum huɗu a layi suka amsa cewa sun gan shi, amma kowa ya ce ba ruwansa.

Sannan muka faɗi hukuncin. A dokar 2022, in ƙuri'un da aka jefa a rumfa suka zarce adadin waɗanda aka tantance, wato aringizo, soke sakamakon rumfar ake yi gaba ɗaya. Mutanen Tulu suka ce ai ƙuri'a ɗaya ce tak, a cire ta mana. Muka ce to ku nuna mana ita a cikin 29 ɗin. Ba mai iyawa, domin ba suna a jikinta. Mai lamba 16 ya ce shi wa Tulu ya jefa duka biyun, yana ganin taimako ya yi. Wata dattijuwa ta dube shi ta ce, "To ɗana, ka ƙona namu goma don ka ƙara ɗaya." Mu ba mu ƙara komai a kan maganarta ba.

Lalatattun ukun ma mun ɗaga su ɗaya-ɗaya kowa ya gani. Ɗaya an dangwala a gida biyu. Ɗaya yatsan ya hau tsakiyar layin da ya raba Faifai da Tsani, ba a san na wa ba ce. Ta uku an cika tawada, aka naɗe ta sama zuwa ƙasa, tawadar ta manne a gidan wata jam'iyya har alamun biyu suka yi kama. Shi ya sa ake naɗe takarda a tsaye, ta tsawonta, don in tawada ta taɓa, ta taɓa cikin gidan da aka zaɓa. Muka raba ragowar farar takarda kowa ya gwada: tawada kaɗan, tsakiyar gida, a ɗan jira ta sha iska, a naɗe a tsaye. Tazarar Tulu da Faifai ɗaya ce, lalatattu kuma uku. Wannan ma su suka lura da shi, ba mu ba.

Maganar kuɗi ita ce mai tsini, don haka ba mu ce masu karɓa su ɗaga hannu ba. Wakilin Tulu muka tambaya. Ya ce ya tayi mutum tara, shida sun karɓa, biyu ne suka ɗaga masa takarda ya gani. Muka ce sauran huɗun wa suka zaɓa? Ya ce wallahi bai sani ba. Muka bar wannan amsa ta zauna a wurin na ɗan lokaci. Daga nan mutane suka gane abin da ya sa mai saye ke nacewa a nuna masa, abin da ya sa aka hana shiga wurin sirri da waya, da abin da ya sa wurin sirrin bai kamata ya fuskanci inda wakilai ke tsaye ba. Namu ya fuskanta, kuma ba wanda ya ce a juya shi.

Wata mata ta ce ita ta karɓa, kuma ko a gaske za ta karɓa, tunda 'ya'yanta ba za su ci ƙuri'a ba. Kada ku yi wa irin wannan wa'azi. Mu da ke layin rabon abinci tare mun san daga inda maganar ta fito. Mun faɗa mata abin da doka ta ce, cewa mai bayarwa da mai karɓa duka laifi ne a kansu, sannan muka mayar da tambayar ga da'ira: wanda ya biya dubu biyu a layi, in ya ci, yana ganin akwai sauran bashinku a kansa? In ƙauyenku ya je neman a gyara hanya ko a turo jami'an tsaro, da wace fuska? Suka yi ta muhawara, ba su daidaita ba. Ba dole ne a daidaita ba. Aikinku shi ne kowa ya samu faɗin nasa, mata kuma kada maza su danne su. Mu dutse ɗaya muke zagayawa da shi, mai riƙe da shi ke magana, kuma bayan kowane namiji sai mace. A nan ne wani zai so ya kawo sunan ɗan siyasar garinsu. Ku tare shi da ladabi, ku ce a wannan rumfa Tulu da Faifai da Tsani kawai muka sani.

Na ƙarshe, kowa ya faɗi abu ɗaya da zai yi dabam in ya tsaya a rumfar gaske. Ba mu karɓar "zan zama ɗan ƙasa nagari". Muna son abin da ake yi da ƙafa ko da baki. Wani ya ce zai tsaya har a ƙirga, ya ga an manna sakamako a bango. Wata ta ce za ta je da wuri, tunda mun gaya musu a 2023 an tsara buɗe rumfa da ƙarfe takwas da rabi na safe, kuma duk wanda ke layi kafin biyu da rabi na rana sai ya jefa. Shugabar rumfar ta ce ita dai ba za ta ƙara miƙa takarda ba ta dubi farce ba, aka yi dariya. Ku tuna musu kuma ƙa'idoji na canzawa daga zaɓe zuwa zaɓe, abin da muka kwaikwaya tsarin 2023 ne, in lokaci ya yi su saurari sanarwar hukumar zaɓe a rediyo.

In kuna son sanin ko darasin ya shiga, ku sake jefa ƙuri'ar bayan sati ɗaya da mutanen nan, ku dasa matsalolin a hannun wasu daban. Mu da muka sake, lalatacciya ɗaya aka samu, mai kati biyu kuma tun a layi wata yarinya ta ce a duba farcensa. Mai sayen ƙuri'a dai ya sake samun masu karɓa, mutum huɗu, amma ba wanda ya ɗaga masa takarda, kuma kafin a fara wani ya tashi ya juya wurin sirrin ya fuskanci bango.

Tawada da takardu suna ofishin ilimi, kowane aji zai karɓi na mutum 40. Malaman ajin mata na yamma, ku tsaya bayan an tashi mu daidaita lokaci, don awa biyu ba za ta shiga tsakanin la'asar da girki ba, wataƙila sai an raba muku shi kwana biyu, amma bita ta kasance rana ɗaya da ƙirga. Yanzu kuma muna neman mutum huɗu su fito su zama ma'aikata, mu gwada teburin na'ura tun muna tare.